Farar hoda a ganyen kabewa da wardi: me ya kamata ka saya?

Kafin ka kai kuɗi shagon maganin gona, sa yatsa ka goga farin da ke kan ganyen. Idan ya goge kamar garin alli, fumfuna ce. Idan bai goge ba kuma yana bin jijiyoyin ganye, zanen halitta ne da wasu irin kabewa ke fitowa da shi, ba ya buƙatar magani. Idan kuwa tabo ne rawaya mai kusurwa a sama, ƙasan ganyen da toka-toka, wannan wata cuta ce daban.

Fumfunar kabewa da ta wardi 'yan uwa ne, amma kowace tana da shukarta, ta wardi ba ta tsallakawa ta kama kabewa. Halinsu dai ɗaya: suna son inuwa, cunkoso, rana mai ɗan ɗumi da dare mai raɓa. Ba sa jiran ruwan sama, shi ya sa masu noman rani ke ganinsu lokacin sanyi.

Abin da na fi so mutum ya fara saya shi ne almakashin datsa reshe mai kaifi. A kabewa, cutar kan fara ne daga tsofaffin ganyen da ke ƙasa cikin duhu. Ka datse waɗanda farin ya rufe fiye da rabinsu, ka zuba a buhu ka fitar daga gonar, kada ka bar su a kunya. Kada ka cire sama da kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda, domin ganyen ne ke ciyar da 'ya'yan, shi ne kuma ke kare su daga ƙunar rana. A wardi kuwa, sabon toho da ƙullin fure cutar take kamawa, har ganyen ya nannaɗe. Ka yanke kan reshen da ya kamu, ka rage rassan da suka gitta a tsakiya don iska ta ratsa. A kuma sassauta takin yuriya, don yana sa ganye ya yi taushi, fumfuna kuwa ganye mai taushi take so.

Sai madara. Ba camfi ba ne: a 1999 wani masani ɗan Burazil, Wagner Bettiol, ya gwada ɗanyar madarar shanu a kan wani irin kabewa, ya ga daga kashi 10 cikin 100 zuwa sama, feshi sau biyu a mako, tana aiki kamar maganin kanti. Haɗin shi ne madara kashi 1, ruwa kashi 9. Famfon goyo mai lita 16 zai ci madara lita ɗaya da rabi da ɗan ƙari. Ka sayi madara sabuwar tatsa wadda ba a sa mata sukari ba, ka tace ta don kada ta toshe bakin famfo. A fesa da safe, sama da ƙasan ganye, a bar rana ta haska shi. Kada ka zarce kashi 30, in ba haka ba ganyen zai yi ƙarni, wata baƙar fumfuna ta hau kansa. A wanke famfon nan take.

Madara rigakafi ce da taren cuta tun tana ɗigo-ɗigo. Ganyen da ya riga ya yi fari fat ba zai dawo ba. Ga mai tukwane biyar na wardi ko kunya biyu ta kabewa, kofi ɗaya cikin ruwa kofi tara ya wadatar. Mai babbar fadama kuwa ya yi lissafi: famfo goma a zagaye ɗaya, lita 16 ke nan na madara, sau biyu a mako. A nan ta daina zama mai araha.

Ga irin wannan manomi, hodar farar wuta ta feshi, wato salfa, ita ta fi dacewa da aljihu, kuma tana aiki sosai. Sai dai tana ƙona ganye idan zafi ya haura digiri 30, don haka a watan Maris da Afrilu ni ba na ba da shawararta. Ka fara gwadawa a kan shuka biyu, don wasu dangin kabewa ba sa jure ta. Man darbejiya yana taimakawa idan cutar ba ta yi nisa ba, a fesa shi da yamma, amma a bar tazarar mako biyu tsakaninsa da salfa.

Idan cutar ta fi ƙarfin waɗannan, akwai magani mai shiga jikin shuka irin su difenokonazol. Ka duba takardar kwalbar ka ga an ambaci wannan cuta, ka lura da kwanakin jira kafin girbi, kuma kada ka yi ta maimaita iri ɗaya, domin fumfunar kabewa tana saurin sabawa da shi. Idan mai shago ya miƙo maka mankozeb, ka sani ƙarfinsa a kan wasu cututtukan ganye yake, a kan farar hoda aikinsa kaɗan ne.