Wutar DC Ko Ta AC A Solar Gida: Me Inbata Take Yi, Kuma Yaushe Ta Zama Dole?

"Ina da farantin sola biyu masu wat 200 kowanne, da batirin ruwa ɗaya na 12V 200Ah. Ina so in kunna ƙwai huɗu, fanka biyu, talabijin, kuma uwargida na son firji. Wani ya ce sai na sayi inbata, wani ya ce asarar kuɗi ce, in sayi kayan DC kawai. Wane ne mai gaskiya?"

Malam, dukansu biyun suna da gaskiya, sai dai kowa rabin kayanka ya duba. Wanda ya ce kayan DC, fanka da ƙwai ya gani. Wanda ya ce inbata, firjin ya gani.

Faranti wuta iri ɗaya yake bayarwa, wato DC, wadda take tafiya ɓangare guda ba ta juyowa. Batir ma ita kaɗai yake iya ajiyewa, shi ya sa yake da kai biyu, mai alamar + da mai alamar −, kuma in ka juya su ka yi ɓarna. Wutar NEPA kuwa AC ce, tana zuwa tana komawa kamar zarton kafinta, sau 50 a kowace daƙiƙa, a kan bolt 230 a Najeriya. Saboda haka tsakanin batirinka da soket ɗin bango akwai bambanci biyu: ƙarfin turawa, 12 da 230, da kuma yanayin tafiyar wutar. Aikin inbata shi ne cike waɗannan biyun. Tana datsa wutar batir da sauri, ta ɗaga ta zuwa 230, ta ba ta siffar kai-da-komo. Ba ta ƙara maka wuta ko kaɗan. Hasali ma ragewa take yi.

Inda AC ta bolt 230 ta fi DC ta bolt 12 nesa ba kusa ba shi ne tafiya a cikin waya. Wat shi ne bolt sau amfa, amfa kuwa shi ne yawan wutar da ke bi ta waya, don haka in bolt ya yi ƙasa, dole amfa ya yi sama kafin a samu aiki iri ɗaya, kuma amfa ne yake zafafa waya. Ɗauki kayan wat 120 a ɗakin da yake nisan mita 10 daga batir, da wayar tagulla mai kauri 2.5, wadda aka saba sa wa soket. Wuta za ta je ta dawo, mita 20 ke nan. A kan bolt 12, kayan nan suna jan amfa 10, kuma kusan bolt ɗaya da rabi zai salwanta a hanya, wato sama da kashi 10 cikin ɗari. Fanka za ta yi sanyin gudu, talabijin ya riƙa ɗaukewa alhali batir a cike yake. Kayan wat 120 ɗin nan a kan bolt 230 amfa rabi kawai suke ja, abin da zai ɓace a waya bai kai kashi ɗaya cikin goma na bolt ba. In kuma wayar irin ta kasuwa ce, alminiyon da aka yi wa fentin tagulla, asarar DC ɗin ta fi haka. Saboda haka DC ta bolt 12 wutar ɗaki ɗaya ce ko biyu da suke manne da batir. Gida mai ɗakuna a warwatse cikin tsakar gida, AC ce ta dace da shi.

Inda DC ta rama kuwa shi ne tsimi. Inbata tana karɓar haraji sau biyu. Na farko, duk wutar da ta bi ta cikinta, kusan kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari yana zama zafi, shi ya sa take da 'yar fanka a ciki. Na biyu shi ne wanda mutane ba sa lissafawa: muddin tana kunne tana shan wuta ko da ba a jona komai ba. Ƙaramar inbata takan sha wajen wat 10 zuwa 30 a haka. Mu ce taka wat 20 ce. In ka bar ta kunne dare da rana, ta sha kusan rabin yunit, irin yunit ɗin da kake saya a mita.

Wannan rabin yunit ɗin ba ƙaramin abu ba ne a wurinka. Batirin 12V 200Ah yana ɗauke da yunit 2.4 a lissafi, amma batirin ruwa ba a son a sauke shi ƙasa da rabi in ana so ya yi ƙarko. Abin da yake naka a dare ɗaya yunit 1.2 ne.

To mu jera daren naka a hanyoyi biyun. Ƙwai huɗu masu wat 7 na awa biyar, yunit 0.14 ne ko ta wace hanya. Talabijin mai wat 50 na awa huɗu, 0.2. Fanka ce take raba gardama. Fankar sama irin ta wutar NEPA tana shan wajen wat 70, biyu na awa goma sun ci yunit 1.4. Haɗa duka ka samu 1.74, ƙara harajin inbata ka haura yunit 2. Batirinka ba zai kai asuba ba, tsakar dare za ka ji inbata tana kuka. Fankar DC ta tsaye kuwa wajen wat 20 take sha, biyu na awa goma yunit 0.4. Jimillar daren 0.74, ka kwana da iska har da ragowa.

Amma a yi adalci, yawancin wannan ratar ba daga nau'in wutar ta zo ba, daga injin fankar ta zo. Fankar DC injinta ne mai tsimi, kuma iskarta ba ta kai ta fankar sama cika ɗaki ba. Wanda ya saba da fankar sama a watan Afrilu zai ji bambanci.

Akwai kuma wani abin mamaki game da talabijin, caja da kwamfuta. Dukansu a cikinsu DC suke amfani da ita. Kan cajar wayarka aikinsa ya mayar da AC zuwa DC ta bolt 5. In ka yi caji ta inbata, ka ɗauki DC daga batir, ka mai da ita AC, caja ta sake mai da ita DC, ana yanka a kowane mataki. Ramin USB da ke jikin kwantirola, wato na'urar da ke daidaita caji tsakanin faranti da batir, ya isa wannan aikin. Talabijin ma, duba bayansa. In yana da adafta ta waje da aka rubuta 12V a jikinta, ana iya ba shi wuta daga batir, amma ta hanyar 'yar na'urar da ke daidaita bolt, don batir yakan haura bolt 14 lokacin caji.

Sai firji, wanda shi ne dalilin inbata a gidanka. Kwamfiresan firjin gida an gina shi ne don AC. Kai-da-komon wutar ne yake juya injin. In ka ba shi DC ba zai juya ba, in bolt ɗin ya yi yawa ma naɗin wayarsa ya ƙone. Haka injin jan ruwa na gida da duk abin da ke da taransifoma a ciki. Waɗannan babu dabara, ko inbata ko kuma ka sayi irinsu da aka ƙera don DC. Akwai firjin DC a kasuwa, yana da tsimi sosai, amma ya fi tsada kuma ba kowane mai gyara ne yake da kayansa ba.

In inbata za ka saya, kada ka auna ta da wat ɗin da firji yake sha yana gudu. Firji mai wat 120 yakan ja ninki biyar ko fiye a daƙiƙar da kwamfiresa zai tashi, wajen wat 600 zuwa 800. Inbatar wat 300 za ta yi ƙara ta ɗauke. Nemi mai wat 1,000, kuma ka lura cewa 1kVA da ake rubutawa yawanci wat 800 ne. Nemi wadda aka rubuta Pure Sine Wave a jikinta. Masu arahar nan da aka rubuta Modified Sine Wave wutarsu a tsittsinke take fitowa, hawa-hawa. Kwan fitila da caja sukan haƙura, amma fanka za ta riƙa gurnani, kwamfiresa ya riƙa zafi fiye da kima har kwanansa ya ragu.

Wurin da na fi ganin aiki ya lalace shi ne wayar da ke tsakanin batir da inbata, domin nan ɓangaren DC ne, nan amfa yake da yawa. Inbatar wat 1,000 a kan bolt 12 tana iya jan amfa 90. Wannan wayar tagulla mai kauri 25 take so, gajeriya, kada ta wuce mita ɗaya da rabi, a ɗaure ta tamau da noti, ba da 'yan maƙalan nan na cajin batirin mota ba. A jona ta kai-tsaye a kan batir, da fis kusa da kan +, ba a ramin kwantirola da ake jona fitilu ba, don ramin ba zai ɗauki wannan nauyin ba. In inbata tana ƙara duk lokacin da firji zai tashi, sa mita ka auna bolt a kan batir, sannan a bakin inbata, a daidai lokacin tashin. In bakin inbata ya gaza na batir da rabin bolt ko fiye, waya ce ko ɗauri. In duka biyun sun faɗi tare zuwa wajen 10.5, batirin ne ya gaji ko bai cika ba.

Kada kuma ƙarancin bolt ya ruɗe ka. Bolt 12 ba ya jan mutum, amma batir yana iya zubo ɗaruruwan amfa in wayoyi suka haɗu, ya narkar da sufana. AC tana ratsa sifili sau 100 a daƙiƙa, tartsatsi yakan mutu da kansa. DC ba ta ratsawa, tartsatsinta yakan riƙe. Shi ya sa bireka ta AC ba ta dace da layin faranti ko batir ba, sai wadda aka rubuta DC a jikinta. Bayan inbata kuwa bolt 230 ne cikakke, yana kisa kamar na NEPA, kuma in za a shigar da shi wayarin gida dole a sa canjoba don kada ya haɗu da wutar layi.

Da ni ne da kayanka, haɗawa zan yi. Ƙwai, fanka da caji su zauna a DC, kusa da batir, da fis a kowane layi. Inbata a ajiye ta don firji da talabijin, a kashe ta in ba a buƙata. Sai dai ka sani, farantanka na wat 400 a ranar da ta yi kyau wajen yunit ɗaya da rabi za su tara bayan an cire asara, in hazo ya sauka ko ƙura ta rufe gilashin ƙasa da haka. Firji shi kaɗai a zafinmu yakan ci yunit ɗaya ko fiye a yini. Ƙara 0.74 na dare a kai, ka ga lissafin bai rufe ba. Ko dai firjin ya yi aiki da rana kawai, daga hantsi zuwa la'asar, a cika shi da robobin ruwa su riƙe sanyi, ko ka ƙara faranti biyu da batir na biyu. In ƙarin za ka yi, yanke shawara kafin ka biya kuɗin inbata, domin batir biyu a jere bolt 24 ne, amfa ya ragu da rabi, kuma inbatar 12V ba za ta yi aiki a kansu ba, haka kayan DC naka na bolt 12 sai an sa musu na'urar rage bolt.