Littattafai biyu kan barcin jariri da shayarwa, ɗaya ya kusa sa ni yanke ƙauna da nonona

Na farkon irin mai jadawalin nan ne: ƙarfe kaza a ba da nono, ƙarfe kaza a kwantar, tsakanin shayarwa da shayarwa awa uku zuwa huɗu. Abin da ya ja ni gare shi ke nan, domin haihuwar fari ce, kowa ya shigo da tasa shawarar, wannan ya ce tashe ta ta sha, wancan ya ce kada ki kuskura. Murya ɗaya nake so in bi.

A mako na uku 'yata ta ɓullo da wani hali. Daga faɗuwar rana har dare ya raba ba ta yarda ta bar ƙirjina, ta sha ta saki, kafin in gyara zama ta sake nema da kuka. Na buɗe littafin, bayaninsa bai wuce abu biyu ba: ko nonon bai ishe ta ba, ko ni ce na saba mata. Maganin kuma wai a ja mata lokaci. Wallahi ranar na yi kuka. Ka gaya wa macen da ba ta barci cewa ba ta ƙosar da 'yarta, ba ka kuma nuna mata yadda za ta tabbatar ba, wannan rashin tausayi ne.

Ungozomar da ke duba mu ce ta ara mini na biyun. Shi bai ba ni agogo ba, abin dubawa ya ba ni. Ya ce sabon jariri yana sha sau 8 zuwa 12 a kwana guda, kuma shan nono a jere da yamma abu ne sananne a makonnin farko. Ya faɗi dalilin da ya sa jan lokaci ke da haɗari: jiki yana kawo nono ne gwargwadon yadda ake tsotse shi, idan aka rage bayarwa shi ma sai ya ja baya. Sannan ya ce in ƙirga kunzugu. Daga kwana na biyar ana son a ga shida ko fiye sun jiƙe a kwana guda, fitsarin ba mai duhu ba, kashi ya bar baƙin nan na farko ya koma ruwan ɗorawa, nauyin da jariri ya rasa bayan haihuwa kuma ya dawo wajen mako biyu. Na ƙirga, nata sun wuce shida. Na zuba wa haɓarta ido tana sha, na ga tana sauka ƙasa, ta ɗan tsaya, sai in ji ƙaramin sautin haɗiya. Ranar awo sikeli ya nuna ta ƙaru. Bai kuma ɓoye inda karatu ya ƙare ba: idan kunzugu ya ragu, ko jaririn ya yi laƙwas ba ya tashi ya sha, ko jikinsa ya yi zafi, asibiti za a nufa.

Babin barci ma ya taimaka. Kusan rabin barcin sabon jariri mara nauyi ne, yana nishi, yana mutsu-mutsu, idanu na motsi a ƙarƙashin fata, alhali bai farka ba. Da na fara dakatawa kaɗan kafin in ɗauke ta, sau da yawa ita ke komawa da kanta.

Sai dai ba zan ce ya gama mini komai ba. Kan kwanciya a rigingine, a katifa mai tauri, ba filo, da hana barci da jariri a kan kujera, maganarsa a fili take. Amma da ya zo batun kwana gado ɗaya da uwa sai ya yi ta kewaye-kewaye, shafi bayan shafi, wannan bincike ya ce kaza wancan ya ce kaza. Ai abin da na gudo ke nan. Ƙarfe uku na dare, da yarinya a hannu, wa zai karanta wannan? Shayarwa da kwalba kuwa 'yan shafuka ya ba ta a can ƙarshe, kamar an tilasta masa. Ƙawata da ke ba ɗanta madarar jarirai ta karɓa ta duba, ba ta ma samu yawan abin da ya kamata ta ba ɗan wata guda ba, washegari ta dawo mini da shi.