Sharhina kan yaron da ya gyara mini sunayen bidiyon noman rani

Masu tashar YouTube a Sakkwato sun san yaran nan da ke karɓar kuɗi su gyara wa mutum tasha, to ɗaya daga cikinsu na ba aikin sunayen bidiyona. Shirin nawa kan noman albasa ne, ina ɗauka a fadamun Wurno da Goronyo. A da kowane bidiyo sunansa "Noman Rani a Sakkwato Tare da Manomanmu na Karkara Kashi na 14", lamba kawai ke sauyawa. A waya ma lambar ba ta fitowa, domin YouTube na yarda da harafi 100 a suna amma ƙaramin allo yana datse ƙarshensa. Sai ka ga bidiyo goma a jere duk suna ɗaya.

Abin da ya yi ya burge ni ƙwarai. Ya buɗe YouTube Studio, ya shiga Analytics, ya nuna mini kalmomin da mutane suka rubuta kafin su faɗo tashata. Babu mai neman "kashi na 14". Abin da suke rubutawa shi ne "adana albasa" da "maganin tsutsa". Ya ce, "Kawu, matsalar manomi za mu sa gaba, sunan shiri ya koma baya." Ya rage sunan shirin zuwa kalma biyu, kashin nan ya koma haka: "Yadda ake adana albasa kada ta ruɓe | Noman Rani 14". Farkon ya bambanta a kowane bidiyo, ƙarshen kuma in ban da lambar bai taɓa sauyawa, har tsayayyen layin nan da ke tsakani. Sauya suna bai taɓa adireshin bidiyon ba, don haka waɗanda na tura WhatsApp tun bara suna buɗewa, adadin masu kallo ma yana nan.

Amma wallahi akwai abin da har yanzu yake ci mini rai. Ina da kashi biyu kan ban ruwa, ɗaya na injin fetur, ɗaya na mai aiki da hasken rana. Bai kalle su ba, ya sa wa duka biyun "Yadda ake ban ruwan albasa". Wani manomi daga Kware ya kira ni yana cewa ya nemi na hasken rana, na fetur ya fito masa, ya ɗauka na goge wancan. Wannan fa shi ne ainihin ciwon da na biya kuɗi a magance! Da na yi masa magana sai ya ce bidiyon sun yi tsawo. Ni na zauna na ƙara "da injin fetur" da "da sola" kafin layin.

Tsarinsa zan ci gaba da bi, wannan babu shakka. Amma duk wanda zai ba shi aiki, ya rubuto masa abin da kowane kashi ya ƙunsa tukuna, kuma kada ya cika kuɗi sai ya karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya a wayarsa.