Naman da otal zai saya da kicin ɗin da zai dafa shi: abin dubawa kafin a zaɓa

Mai otal a Kano da ke saukar da Musulmi da Kirista da ’yan kasuwa daga Sin da Indiya yana da hanyoyi uku na samun nama: ya sayi dabba da rai a yanka a gaban wakilinsa, ko ya ɗauki mahauci guda a Abbatuwa ya riƙa kawo masa, ko ya sayi daskararren nama a kwali daga masu ɗakin sanyi. Abin da ya raba hanyoyin nan wajen tabbatar da cewa naman halal ne shi ne ko mutum zai iya faɗin wanda ya riƙe wuƙar.

A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan mutanen Kano ke bi, yanka yana cika ne idan an yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ta gaba, ba tare da an ɗage wuƙa kafin a gama ba, tare da niyya da ambaton sunan Allah. Shafi’iyya kuma sun sharɗanta yanke maƙogwaro da hanyar abinci. Tun da otal kan karɓi baƙi daga Masar ko Malesiya, abin da ya fi shi ne a rubuta wa mai yanka cewa duka huɗun za a yanke, sai kowa ya ci hankalinsa kwance. Aya ta 5 a Suratul Ma’ida ta halatta abincin Ma’abota Littafi, amma baƙi da yawa ba za su natsu ba sai sun ji cewa Musulmi ne ya yanka, kuma a garin nan samun Musulmi mai yanka ba abin wahala ba ne.

Sayen dabba da rai, ko sa daga kasuwar Wudil ranar Juma’a ko raguna daga ’Yan Awaki ta Unguwa Uku, shi ya fi ba da tabbaci. Sai dai yana da nauyin da masu sabon otal ba sa lissafawa. Bijimin da ya kai kilo 300 da rai yakan ba da kusan rabin nauyinsa ne bayan an feɗe an cire kai da ƙafa da kayan ciki, wato wajen kilo 150 har da ƙashi. A cikin wannan, tsokar da kuku ke nema don gashi kaɗan ce, saura na miya ne da niƙawa. Otal ɗin da ba ya yin taron biki ko abincin ma’aikata masu yawa zai tarar firizarsa ta cika da naman da babu mai nemansa. Ga irin wannan otal, mahauci guda sananne ya fi, da sharaɗin ya kawo naman da sassafe a cikin mazubi mai murfi na otal ɗin, kuma ya yarda wakilin otal ya je wurin yanka ba tare da sanarwa ba.

A kaji ne matsalar ta fi yawa. A ce otal yana buƙatar kaji 200 a mako. Idan ya saya daga gonar da ke yanka da hannu, zai iya tura ma’aikaci ya tsaya a kan yankan, ya ga an bar kowace kaza ta gama zubar da jini ta daina motsi kafin a tsoma ta a ruwan zafi. Idan kamfani ne mai manyan injuna, sai a tambaye shi ko yana sumar da kaji da ruwan lantarki kafin yanka, da kuma wanda ke tsaye yana fitar da wadda ta mutu kafin wuƙa ta same ta, domin wannan mushe ce ko da an yanka ta daga baya. Daskararriyar kazar waje kuwa a bar ta gaba ɗaya. Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da ita, saboda haka wadda ake gani a kasuwa ta ɓarauniyar hanya ta zo, kuma ko an buga mata tambarin halal a kwali, babu wanda zai iya cewa kajin da ke ciki su ne aka zuba tun farko.

Mai karɓar kaya a ƙofar sito yana iya gane wasu alamu da idonsa. Wurin yankan dabbar da aka yanka da rai yakan buɗe, gefensa ba sumul ba, jini ya shiga cikin tsokar wurin. Wadda aka yanka bayan ta mutu, yankan yakan fito sumul, fatar ta yi ja ko shuɗi-shuɗi musamman ɓangaren da ta kwanta a kai, jijiyoyin fiffike kuma cike da daskararren jini. Wannan dubawa ba ta yiwuwa idan an sare wuya tun daga gindinsa, shi ya sa ya kamata a nemi kaji da wuyansu.

Kayan gwangwani da na kek da ake saye a kasuwar Singa ko manyan kantuna su ma suna buƙatar a karanta jikinsu. Lambar NAFDAC tana nuna an yi wa kaya rajista ne, ba shaidar halal ba ce. Jelatin, sinadarin da ke sa kayan zaƙi su yi kauri, ana iya yin sa daga fatar alade ko ta saniya, sinadarin da ake rubuta wa lambar E471 a jikin kwali yana iya zama na man tsiro ko na kitsen dabba, ruwan banila na asali kuma da barasa ake tatso shi. Inda kwali bai fayyace ba, a canza kaya.

Sai babban zaɓi, wato tsarin kicin. Ana iya mai da kicin ɗin duka na halal, ko a gina biyu, ɗaya na halal ɗaya na wanda ba halal ba, masu ƙofa da firji da wurin wanke-wanke daban, ko a raba kicin guda da wuƙaƙe da katakan yanka masu launi daban. A ganina na ukun shi ne mafi rauni duk da arharsa. Launin katako yana aiki da rana tsaka, amma da dare, lokacin da oda ta yi yawa, ludayi ɗaya kan shiga tukwane biyu, soso ɗaya ya wanke komai, mai ɗaya ya soya abu biyu. Kuma a Malikiyya man da najasa ta gauraya da shi ba ya tsarkakuwa, haka tukunyar ƙasa da ta tsotse ta. Ƙarfe da tangaran ana wanke su da ruwa har najasar ta gushe, amma Shafi’iyya suna neman wanki bakwai, ɗaya da ƙasa, ga abin da alade ya taɓa, kuma ƙa’idar halal ta Malesiya a kan haka take. Kicin biyu yana magance wannan, sai dai kuɗinsa ninki ne, kuma a jihar da ke bin Shari’a tun shekarar 2000, inda Hisba ke kama giya, da wuya cinikin ya mayar da kuɗin. Kicin guda na halal ba ya hana baƙon da ba Musulmi ba komai sai alade da miyar da aka sa wa giya.

Ko a irin wannan kicin akwai ƙofar da ake mantawa: baƙon da zai daɗe, ya zo da tsiran alade a jakarsa ya roƙi a ajiye masa. A saya wa ɗakunan irin waɗannan baƙi ƙaramin firji da kwanukansu na daban, kada abincin waje ya shiga ɗakin sanyin otal. A ɗakin sanyin kuma firji ya tsaya tsakanin digiri 0 da 4, firiza a digiri 18 ƙasa da sifili, ɗanyen nama a rufe a kantar ƙasa don kada jininsa ya ɗiga a kan dafaffen abinci, kowace leda ɗauke da sunan wanda ya kawo ta da ranar yanka.