G(s) da matiris A: inda suka haɗu da inda suka rabu

«Salamu alaikum yayyena. Ina karatun injiniya a Marwa. A darasin farko mun nemo fol daga G(s), yanzu kuma an kawo matiris A an ce mu nemo aiganbalu ɗinta. Na ga lambobin suna fitowa iri ɗaya. Shin abu ɗaya ne aka yi wa suna biyu, ko akwai bambanci?»

Wa alaikumus salam ƙanena. Galibi lambobin ɗaya ne, amma ba kullum ba. Kowane fol aiganbalu ne na A, sai dai ba kowane aiganbalu ne yake bayyana a matsayin fol ba. Bari mu ɗauki tsari guda mu bi shi ta hanyoyin biyu.

Ka ɗauki nauyi a kan sifirin da shokazoba, irin na ƙafar bayan babur ɗin da ke kai ka makaranta. Don sauƙin lissafi mu ce nauyin m = 1, ƙarfin shokazoba c = 3, taurin sifirin k = 2. Idan u shi ne ƙarfin da ake turawa, y kuma nisan da nauyin ya gusa, dokar Newton ta ba mu y'' + 3y' + 2y = u.

Hanya ta farko ka riga ka san ta. Ka yi Laplace, ka ɗauka cewa komai a tsaye yake da farko, sai ka samu G(s) = 1/(s² + 3s + 2). Na ƙasan ya rabu zuwa (s + 1)(s + 2), don haka fol su ne −1 da −2. Ka lura da abin da wannan hanya ta yi: ta dubi abin da ya shiga da abin da ya fita kaɗai, ba ta leƙa ciki ba.

Hanya ta biyu tambayarta daban ce: me nake bukatar sani yanzu domin in faɗi abin da tsarin zai yi nan gaba? Abu biyu ne, inda nauyin yake da kuma gudunsa, domin wurare biyu ne ake ajiye kuzari, wato a cikin sifirin da a cikin motsin nauyin. Sai mu ce x1 = y, x2 = y'. Nan take x1' = x2, sannan x2' = −2x1 − 3x2 + u. A siffar x' = Ax + Bu da y = Cx, ga abin da ya fito:

```
A = [0 1; -2 -3];
B = [0; 1];
C = [1 0];
eig(A)
```

Octave ko MATLAB za su ba ka −1 da −2. Da hannu ma ba wuya: aiganbalu, wanda malamanmu a nan ke kira balar furofur, shi ne λ da ya sa det(λI − A) = 0, kuma a nan hakan ya zama λ(λ + 3) + 2 = 0, wato dai na ƙasan G(s) ne ya dawo. Ba dace ba ne. Idan ka yi wa x' = Ax + Bu Laplace za ka samu G(s) = C(sI − A)⁻¹B, kuma juya matiris ɗin nan ya ƙunshi rabawa da det(sI − A). Ka ga ashe na ƙasan G(s) daga A ya fito tun asali, B da C kuwa na sama kawai suke shafa.

Ga wata dabara ta duba aikinka a ɗakin jarrabawa. A matiris mai layi biyu, jimillar aiganbalu ita ce jimillar lambobin da ke kan dayagonal, a nan 0 + (−3) = −3, kuma idan ka ninka aiganbalu biyun da juna za ka samu det(A), a nan 2. In amsarka ta saɓa wa wannan, to ka koma ka nemi alamar ragi da ta ɓace maka, yawanci a layi na biyu na A take.

Idan ka mai da c = 2, k = 5, hanyoyin biyu za su ba ka −1 ± 2j. Sashen −1 shi ke faɗin saurin mutuwar girgizar, 2j kuma saurin lilon, zagaye ɗaya a cikin daƙiƙa 3.14. Har nan babu saɓani.

Yanzu ga inda suka rabu. Ka bar A da B na farko yadda suke, ka canza abin da ake aunawa kaɗai. A ce na'urar aunawarka tana haɗa nisa da gudu ne, y = x1 + x2, wato C = [1 1]. Na saman G(s) zai zama s + 1. Sai ka samu (s + 1)/((s + 1)(s + 2)), ka soke, ya rage 1/(s + 2). Fol ɗaya ke nan, alhali A ba ta canza ba, aiganbalu ɗinta biyu suna nan daram.

To ina −1 ya tafi? Yana nan a ciki, na'urar ce ba ta ganinsa. Motsin da ke tafiya da λ = −1 shi ne wanda x1 da x2 suke daidai a girma amma alamarsu ta saɓa, wato [1; −1]. Na'urar da ke tara x1 da x2 sifili za ta nuna a kan irin wannan motsi, komai girmansa. Rudolf Kalman ne ya shimfiɗa wannan batu a 1960, kuma gwajinsa gajere ne:

```
C = [1 1];
rank([C; C*A])
```

A nan C*A ya ba da [−2 −2], wanda layin farko ne aka ninka da −2, don haka amsar 1 ce maimakon 2. Akwai motsin da ba a gani ke nan. Irin wannan soke-soken yana faruwa ta ɓangaren B ma, idan u ba ya iya taɓa wani motsi, kuma gwajinsa rank([B A*B]) ne.

A misalinmu abin bai yi muni ba, tunda −1 da kansa yake mutuwa. Amma ka gwada A = [0 1; 2 −1] da C = [−1 1], B yana yadda yake. Yanzu det(sI − A) = (s − 1)(s + 2), na sama kuma s − 1. Ka soke, sai ga 1/(s + 2) ya sake fitowa, sak irin na ɗazu. Wanda ya tsaya a G(s) zai ce tsarin lafiya lau yake: ka ba shi u = 1, y zai hau a hankali ya zauna a 0.5. A ciki kuwa akwai λ = +1, kuma x1 da x2 suna ƙaruwa tare kamar e^t. Kaucewar milimita ɗaya ta wannan fuska, bayan daƙiƙa 10, ta kai kusan mita 22 a lissafi. A inji na gaske ba za a kai nan ba, ƙarfe zai bugi iyakarsa ko wani abu ya karye, alhali allon yana nuna komai daidai. Wannan ne ya sa raina ba ya kwanciya idan na ga ɗalibi ya soke s − 1 sama da ƙasa ya wuce abinsa.

Ni dai ga yadda nake raba musu aiki. In ana maganar yadda fita ke bin shiga, ko zanen Bode, ko daidaita PID, G(s) ta fi sauƙi kuma da ita nake farawa. In kuwa tambayar ita ce ko tsarin zai zauna lafiya, aiganbalu na A nake dubawa, duka su kasance a hagu, wato sashensu na gaske ya gaza sifili. Idan gwaje-gwajen rank guda biyun nan duk sun ba da 2, to fol da aiganbalu sun zama ɗaya, ka yi aiki da wanda ya fi maka sauƙi. Idan ɗayansu ya ba da 1, ka nemo aiganbalun da ya ɓuya ka duba alamarsa kafin ka rubuta amsa.