Shekara uku da filashi ɗaya: ranar da ya daina karɓar rubutu

Filashin da nake wannan sharhi a kansa mai gigabayit 32 ne, irin mai jikin ƙarfe, ba shi da murfi, ba shi da wani maɓalli a jikinsa. Shekara uku yana maƙale da makullaina. Ban tausaya masa ba ko kaɗan: a kansa nake buɗe takardun aiki in gyara in adana kai tsaye, kuma duk mako sai na zuba masa manyan fayilolin bidiyo na goge. Saurinsa wajen karatu ba laifi, wajen rubutu kuwa sai a hankali, musamman idan ƙananan fayiloli ne masu yawa. Yana ɗaukar zafi, har yatsa ya ji. Amma bai taɓa ɓatar mini da komai ba, sai ran nan da na zo jefa masa takarda ɗaya tak, kwamfuta ta ce:

```
The disk is write-protected.
```

Wato an kulle shi daga rubutu. Ina buɗe abin da ke ciki, ina kwafa zuwa waje, amma ba na iya saka sabo, ba na iya gogewa, ko sunan fayil ba ya canzuwa.

Abin da kowa ke fara cewa shi ne a duba maɓallin kulle. Na juya filashin gaba da baya, babu. Filashi masu wannan ɗan maɓallin sun yi ƙaranci yanzu, inda aka fi samunsa shi ne a gefen babban katin SD da kuma adaftar da ake zura ƙaramin kati a ciki, wajen da aka rubuta `Lock`. Wani abin mamaki game da na katin shi ne ba ya haɗe da komai a cikin katin. Ɗan roba ne kawai, na'urar da ke karanta katin ce ke lalubar inda yake. Shi ya sa idan ya saki yana zamewa da kansa yayin da ake tura katin, ko kuma ramin karatun ya lalace, sai ka ga lafiyayyen kati yana ƙin rubutu. Mai irin wannan matsala ya canza adafta tukuna kafin ya zargi katinsa. Ni dai wannan babin bai shafe ni ba.

Sai na koma kan saitin kwamfuta. Gwaji mafi sauƙi, wanda da na fara da shi da na huta, shi ne in soka wani filashin daban a kwamfutata, in kuma kai nawa wata kwamfutar. Idan kowane filashi aka saka sai ya ƙi rubutu, to laifin na kwamfutar ne. A Windows akwai wuri a rajista, wato kundin da take adana saitunanta, mai suna `StorageDevicePolicies`, da idan an sa `WriteProtect` a 1 to duk ma'ajiyar USB za ta zama ta karatu kawai, kuma kwamfutocin ofis sukan zo da irin wannan takunkumi daga masu kula da su. A wajena ɗaya filashin ya yi aiki sumul. Nawa kuma ya ƙi a kwamfuta ta biyu, da saƙo iri ɗaya. Tun daga nan jikina ya fara ba ni.

Duk da haka na gwada `diskpart`, manhajar Windows ta sarrafa faifai, domin shi ne maganin da ake ta yaɗawa kamar yana warkar da kowace cuta. Ana buɗe `cmd`, tagar rubuta umarni ta Windows, da izinin mai gudanarwa, a rubuta:

```
diskpart
list disk
select disk 1
attributes disk
```

A kula da lambar nan. Nawa ya fito a matsayin 1, na gane shi da girmansa, wajen gigabayit 29. Na wani zai iya zama 2 ko 3, kuma wanda ya zaɓi wani faifan da ke ɗauke da kayansa bisa kuskure sannan ya bi da umarnin `clean` mai share faifai, ya jawo wa kansa kuka.

Amsar da ta fito ita ce ta warware mini komai, layuka biyu na farko:

```
Current Read-only State : Yes
Read-only  : No
```

Na daɗe ina kallonsu, don kamar suna ƙaryata juna. Na biyun yana magana ne a kan alamar da Windows ke iya ɗora wa faifai da kanta. Idan shi ne ya ce `Yes`, to an yi sa'a, umarnin `attributes disk clear readonly` zai cire ta, a ci gaba da aiki. Na farkon kuwa halin da faifan yake ciki ne a zahiri yanzu. Da yake babu alamar, babu maɓalli, babu takunkumin rajista, amma ana nan a kulle, to daga cikin filashin kullen ya fito. Na ba da umarnin cirewar duk da haka, na zare na mayar, komai na nan yadda yake. Fomat ma ya ƙi, da dalili guda.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Filashi yana da ɓangare biyu: ma'ajiyar da ake kira NAND, da ƙaramin kwantirola da ke tafiyar da ita. Kowane gurbi a ma'ajiyar yana da iyakar yawan gogewa da sake rubutu da zai jure, domin duk zagaye yana ɗan cinye siririn rufin da ke riƙe cajin da ke wakiltar bayanai. A irin ma'ajiyar da ake sa wa filashi na gama-gari, iyakar tana tsakanin ɗaruruwa zuwa 'yan dubbai. Kwantirola yana rarraba rubutu don kada wuri ɗaya ya ƙare shi kaɗai, yana kuma da guraben ajiya da yake musanya waɗanda suka mutu da su. Ran da na ajiyar suka ƙare, ko ya ga kurakurai sun fi ƙarfin gyaransa, da yawa daga cikinsu sai su rufe ƙofar rubutu su bar ta karatu. Babu umarnin da zai buɗe wannan daga waje, don ba saiti ba ne. Akwai manhajojin masana'anta da ke sake tsara kwantirola, amma sai an dace da ainihin samfurinsa, suna share komai, kuma ma'ajiyar da ta gaji ba ta komawa sabuwa.

Da na waiwaya, ya yi mini gargaɗi ban ji ba. Wata biyu kafin nan kwafi yakan tsaya cak a tsakiya na kusan minti ɗaya sannan ya ci gaba, kuma sau biyu Windows ta nemi in bari ta duba shi ta gyara. Na ɗauka rashin cire shi ta hanyar da ta dace ne.

Kuskurena mafi girma shi ne ɓata yamma guda ina soka shi ina zarewa, ina neman in yi masa fomat alhali ban kwashe kayana ba. Da fomat ɗin ya yi, da na yi asarar komai da hannuna. Da hankalina ya dawo na kwafe duka zuwa kwamfuta. Cikin fayil sama da dubu huɗu, uku ne suka ƙi fitowa, duka bidiyo ne da na saka a makon ƙarshe.

To, me zan ce a kansa? A kan yadda ya mutu, na yaba masa, domin wani filashin da na taɓa riƙewa ɓacewa ya yi ɗungurungum, kwamfuta ba ta ma ganinsa. Wannan ya bar mini hanyar kwashe kayana. Inda na rage masa maki shi ne zafi, da jinkirin rubutu, da kuma rashin wata hanya da zai nuna maka saura nawa ya rage masa, abin da faifan SSD ke yi. Don ɗaukar takardu daga wannan kwamfuta zuwa waccan zan sake sayen irinsa. Don aikin gyara fayil a kansa kullum, a'a, na koma ƙaramin SSD na waje.

Saura matsala ɗaya da ban yi tsammani ba: tunda ba ya goguwa, takarduna na sirri suna nan a ciki, duk wanda ya tsince shi zai karanta. Sai da na ɓare ƙarfen da filaya, na nemo baƙin guntun ma'ajiyar, na farfasa shi da guduma kafin na zubar.