Tambaya ko "ku tura wa wasu": wanne za ki sa a ƙarshen tallanki?

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina sayar da kilishi da dambun nama a Agege. Duk lokacin da na sa hoto sai a yi ta danna mini layik, amma ba mai magana, ba mai turawa gaba. Wanne ya fi, in rufe da tambaya ko in ce a taimaka a yaɗa?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya sa albarka a kasuwa. Kowanne da aikinsa, kuma abin da zan fara roƙonki shi ne kada ki haɗa su a rubutu ɗaya. Wanda aka ce masa ya danna layik, ya yi magana, ya kuma tura, mafi sauƙin zai ɗauka ya wuce, don layik bai cin komai sai taɓawar yatsa. Magana kuwa sai mutum ya tsaya ya yi tunani, turawa ma ta fi nauyi, tunda sunansa zai sa a kan kayanki a gaban danginsa.

Mu fara da tambayar. Ki ɗauka kin soya dambu ranar Alhamis, kin ɗauki hoto. Ga yadda yawancinmu ke rufewa: "Me za ku ce game da wannan?" Amsar ita ce ma sha Allah, sai addu'a, shi ke nan. Ba rowar magana mutane suka yi ba, tambayar ce ba ta da inda za a kama ta. To ki gwada wannan: "Ranar Asabar zan aiko da kaya waje ɗaya kawai, ko Idi-Araba ko Obalende. Ke a wace unguwa kike, kuma a ina zai fi miki sauƙin karɓa? Inda aka fi yawa can kayan za su je, zan rufe lissafi Juma'a bayan la'asar."

Dubi abin da ya canza. Amsar tana bakin mai karatu tun kafin ta gama karantawa, don kowa ya san unguwarsa. Sannan amsar tana da tasiri: idan matan Idi-Araba suka yi shiru, kaya Obalende za su tafi, kuma duk mai zama a Legas ta san abin da ake nufi da tsallaka gari a cikin cunkoso saboda leda ɗaya ta dambu, ko biyan ɗan aike kuɗin da ya kusa kamo kuɗin kayan. Ga kuma wa'adi, wanda ke hana "bari anjima". Abu ɗaya dai, sai kin cika. Idan Asabar ta zo ba a ga kaya ba, ba a kuma ji dalili ba, tambayarki ta gaba ba mai kula ta.

Akwai tambayar da ba a amsawa a bainar jama'a ko da ta yi kyau. "Na nawa za ki iya saya?" ba macen da za ta rubuta ƙarfin aljihunta inda kishiyarta da maƙwabtanta ke gani. Irin wannan ki ce a yi miki magana ta gefe. Kuma ki zauna kusa da waya a sa'a ta farko, ki amsa wa kowa da sunanta, har ki ƙara mata 'yar tambaya: mai yaji take so ko marar yaji? Mutane na leƙa ƙasan rubutu kafin su sa baki, in suka ga mai kaya na amsawa sai su shigo.

Yanzu turawa. A nan ba ra'ayin mai karatu kike nema ba, so kike ta tuna da wani mutum. "Don Allah ku taimaka ku yaɗa" roƙo ne, ke kaɗai ke amfana, kuma bai nuna wa za a kai wa ba. Kwatanta da wannan: "Idan kina da 'yar'uwa a Legas da ke shirin biki ko suna a watan nan, tura mata wannan. Ina karɓar aikin dambu na taro, a sanar da ni kwana biyar kafin ranar." Da ta karanta, fuska ɗaya za ta faɗo mata a rai, ƙila matar ƙaninta da ke Mile 12. Turawar ta zama ita ce ta yi wa 'yar'uwarta alheri, ba ke ta yi wa alfarma ba.

Inda aka fi yin asara shi ne a manta cewa saƙon zai isa hannun wadda ba ta san ki ba. Ba ta ga rubutunki na jiya ba, ba ta san Agege kike ba. Saboda haka abin da kike sayarwa, unguwarki, ranar kai kaya da lambar wayarki su kasance a jikin hoton kansa, domin da yawa hoton allo suke ɗauka su tura, bayanin da ke ƙasa ya zube a hanya. Na taɓa ganin hoton kilishi mai kyau ya zagayo zauruka uku na WhatsApp, ana ta tambayar na wa ne, ba wanda ya sani. Har yau abin na ba ni takaici, don wata baiwar Allah ce ta sha zafin wuta ta yi shi.

Su ma manhajojin suna da tasu dokar. A Disambar 2017 Facebook ya sanar cewa zai riƙa danne rubutun da ke farautar layik da sharhi da turawa, irin su "rubuta EH idan kana son kilishi" ko "ambaci abokanka", amma ya ware neman shawara da neman taimako na gaskiya. Shi ya sa ban ce ki sa a rubuta 1 ko 2 ba. Ki yi tambayar da kike buƙatar amsarta, ki bar mutane su amsa da bakinsu. WhatsApp kuma tun Janairun 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda, a Afrilun 2020 ya mayar da saƙon da ya sha yawo zuwa waje ɗaya kacal. Ke nan "tura wa duk wanda kika sani" wahala kika ɗora wa mutum, "tura wa mutum ɗaya" kuwa daidai yake da yadda wayar ke aiki.

To wanne za ki ɗauka? Ni a ganina ki fara da tambaya, domin matsalarki yanzu masu kallo ne da ba su saba yi miki magana ba, kuma wadda ba ta taɓa ce miki uffan ba da wuya ta kai sunanki gidan danginta. Ki yi mako biyu kina tambaya, ki ajiye kiran turawa sai kina da labarin da ya shafi wasu, kamar buɗe karɓar aikin Sallah ko fara kai kaya sabuwar unguwa.

Wajen aunawa, ki daina ƙirga layik. A rubutun tambaya ki ƙirga mutum nawa suka faɗi unguwa, nawa kuma suka biya kafin Juma'a. Idan addu'a ce ta cika wurin ba sunan unguwa, tambayar ta yi faɗi, ki rage ta. Turawa kuma Facebook na nuna adadinta a ƙasan rubutu, WhatsApp ba zai nuna miki ba, don haka duk baƙuwar lambar da ta yi miki sallama ki tambaye ta wa ya turo mata, ki rubuta a littafin cinikinki kusa da abin da ta saya.